Yadda Ake Tsara Gida Mai Sanyi: Tagogi, Bakin Rufi da Tsayin Silin

Zafi yana shiga ɗaki ta hanya uku: ta rufin da rana ke duka tun daga hantsi, ta bangon da ya sha rana ya riƙe zafinta, da kuma ta tagar da hasken rana ya ratsa ya sauka a ƙasa ko a kan gado. Hanyar fitarsa kuwa kusan ɗaya ce, wato iska ta kwashe shi a lokacin da waje ya fi ciki sanyi. Saboda haka aikin mai tsara gini a ƙasa mai zafi kashi biyu ne: ya hana rana taɓa taga da bango gwargwadon iko, sannan ya buɗe wa iskar dare hanyar shiga da ta fita. Na farkon ya fi na biyun nauyi, domin zafin da bai shiga ba babu wahalar fitar da shi.

Lissafin da ke tafe an gina shi ne a kan Kano, wadda ke kan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Katsina, Maiduguri, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram ba su yi nisa da wannan ba, don haka alƙaluman za su yi musu aiki da ɗan gyara kaɗan.

Inda rana take bi

Rana ba ta bin hanya ɗaya duk shekara. A Kano tana tsayawa daidai tsakiyar ka sau biyu, wajen 22 ga Afrilu da wajen 21 ga Agusta. Tsakanin waɗannan ranaku biyu tana karkata arewa, amma kaɗan, domin ko a 21 ga Yuni tsayinta da tsakar rana ya kai digiri 78 da rabi. Sauran watanni takwas tana kudu, kuma a 21 ga Disamba ta fi yin ƙasa, inda take tsayawa a digiri 54 da rabi.

Abin da wannan ke nufi ga magini shi ne, bangon kudu da na arewa daga sama rana take zuwa musu, don haka ɗan rufin da ya zarce bango ya isa ya kare su. Bangon gabas da na yamma kuwa rana tana fuskantarsu ido da ido, safe da yamma, kowace rana ta shekara. Na yamma ya fi muni, saboda rana tana dukansa ne a lokacin da iska ta riga ta kai ƙarshen zafinta, kuma bulo yana ɗaukar sa'o'i kafin ya saki abin da ya sha. Shi ya sa ɗakin da ke yamma yake fara turiri bayan isha'i, daidai lokacin da ake son kwanciya.

Daga nan ne ƙa'ida ta farko ta fito. A shimfiɗa gini tsawonsa daga gabas zuwa yamma, dogayen bangayensa su kalli kudu da arewa, a zuba tagogi a kansu, gajerun bangayen kuma su kalli fitowar rana da faɗuwarta. Idan fuloti bai ba da wannan dama ba, kuma sau da yawa titi ne ke yanke hukunci, sai a jera banɗaki, sito da matakala a gefen yamma su zama garkuwa ga ɗakunan kwana. Akwai kuskure ɗaya da ake yawan yi wajen auna gabas: a ɗauki alƙibla a matsayin gabas. A Kano alƙibla ta karkata arewa daga ainihin gabas da fiye da digiri 20, kuma wannan ya isa ya jawo ranar yamma kan bangon da aka yi zaton na arewa ne tsantsa. A yi amfani da kamfas, ko da na waya ne, tun kafin a ja igiyar harsashi.

Lissafin bakin rufi

Bakin rufi shi ne ɓangaren rufin da ya zarce bango. Tsawon inuwar da yake saukarwa a bango ya dogara ne kan tsayin rana. A bangon kudu a Kano, da tsakar rana, kowane santimita 10 na bakin rufi yana ba da inuwar santimita 14 a ƙarshen Disamba, santimita 27 a farkon Maris da tsakiyar Oktoba, sannan santimita 47 a 21 ga Maris. A bangon arewa, ko a ranar da rana ta fi karkata can, santimita 10 yana ba da inuwar kusan santimita 49.

Ba a gina bakin rufi don Disamba. A tsakiyar hunturu ɗan hasken rana a ɗaki abin so ne, kuma mai son rufe tagar kudu gaba ɗaya a wannan wata sai ya fitar da rufi fiye da ƙafa huɗu, ya kashe kuɗi don ya ƙara wa kansa sanyi. Ranar da ta dace a yi lissafi da ita ita ce farkon Maris, lokacin da hazo ke janyewa zafi ke kunno kai. Wanda ya kare tagarsa a farkon Maris ya kare ta har tsakiyar Oktoba, wato ya haɗa da bazara, damina da zafin kaka.

A ɗauki ɗakin kwana mai tsawon mita 4 da faɗin mita 3.6. Tagarsa ta kudu ta fara daga santimita 90 daga ƙasa, ta ƙare a kan linta a mita 2.1, kuma ƙarshen bakin rufin yana mita 2.8 daga ƙasa. Tazarar da ake son inuwa ta rufe ita ce daga ƙarshen bakin rufin zuwa gindin taga, wato mita 1.9. Sai a raba 1.9 da 2.7, a sami kusan santimita 70. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da za a fitar. Da yake rana ta fi yin ƙasa da hantsi da la'asar a waɗannan watanni, gara a kai shi santimita 90, ƙafa uku ke nan a bakin kafinta. Da ƙafa uku, inuwar tsakar rana a farkon Maris tana sauka kusan mita 2.5, ta rufe taga da mafi yawan bangon da ke ƙarƙashinta.

A gwada wannan da ƙafa ɗaya da kafintoci da yawa ke bari don tattalin kwano. Santimita 30 yana ba da inuwar santimita 80 da 'yan kai. Santimita 70 na farko bango ne da ke saman linta, don haka abin da ya rage wa tagar bai fi tsawon yatsa da ɗan ɗori ba. Irin wannan bakin rufi ruwan sama kawai yake karkatarwa. Rufin da ake yayi yanzu, wanda ake ɓoyewa a bayan bango, ya fi wannan ma muni, domin babu inuwa ko ta taƙi, bango yana tsaye tsirara tun daga sama har ƙasa. Wanda ya nace sai irin wannan rufi, to lallai ya zuba wa kowace taga 'yar rumfar kankare a kan linta. A nan tazarar ta ragu zuwa tsayin tagar kaɗai, mita 1.2, don haka santimita 45 zuwa 60 ya isa, amma a zarce da rumfar kamar ƙafa ɗaya dama da hagu, kada rana ta shigo ta gefe.

Arewa ba ta da wahala: santimita 40 ya rufe wannan tagar da tsakar rana, santimita 60 kuwa ya wadatar. Abin lura kawai shi ne, a Yuni rana tana faɗuwa ne wajen digiri 24 arewa da ainihin yamma, don haka da yamma lis tana leƙo tagar arewa ta gefe. Maganinsa ɗan bango ne tsaye a gefen yamma na tagar, ko bishiya a wannan kusurwa.

A yamma ne lissafin yake rushewa. Farkon lokacin la'asar a Afrilu, sa'ad da inuwar mutum ta kai tsayinsa, rana tana wajen digiri 45, don haka ana buƙatar bakin rufi daidai da tazarar da za a rufe, kusan mita biyu. Bayan awa ɗaya kuma sai an fitar da fiye da mita uku. Babu kafintan da zai yi wannan. Abin da ke aiki a yamma shi ne baranda mai zurfi da aka tare gabanta da bulo mai huda ko zana, ko jeren darbejiya da aka dasa mita huɗu ko biyar daga bango don kada saiwa ta taɓa harsashi, ko kuma a haƙura da taga a wannan gefe gaba ɗaya. Gabas ma haka take, sai dai zafin safiya ya fi sauƙi. Ita matsalarta ruwa ne, domin hadarin damina galibi daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, kuma duk wanda ya duba tsofaffin gidajen ƙasa a cikin birni zai ga bangon gabas ne ya fi zaizayewa.

Dogon bakin rufi yana da farashinsa. Iskar farkon damina tana shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga, kuma yawancin rufin da ke yayewa daga baki yake farawa. Idan za a wuce ƙafa biyu, a ɗaure katakon rufi da ƙarfen da aka binne a cikin kankaren da ya zagaye saman bango, kada a dogara da ƙusa kawai, a kuma ƙara yawan ƙusa a layin kwano na ƙarshe. Abin da ya wuce mita ɗaya kuwa ya zama baranda, sai a ba shi ginshiƙai.

Mai son tabbatar da lissafin a garinsu ba ya buƙatar na'ura. Ya kafa sanda mai tsawon santimita 50 a miƙe cikin bangon kudu, ya auna inuwarta da tsakar rana a farkon Maris, ya raba da 50, ya sa abin da ya samu a madadin 2.7. A Agadas, da ke kan digiri 17, zai ga tagar da ta buƙaci santimita 70 a Kano ta buƙaci kusan 90.

Tagogi da tafiyar iska

Iska ba ta shiga ɗakin da ba ta da mafita. Taga ɗaya, komai girmanta, bakin ɗaki kawai take wankewa. Ƙa'idar da masu zane ke bi ita ce, ɗaki mai taga a bango ɗaya kada zurfinsa ya wuce ninki biyu zuwa biyu da rabi na tsayin silin, mai tagogi a bangaye biyu masu fuskantar juna kuwa zai iya kaiwa ninki biyar. Wannan ne ya sa tsohon tsarin jeren ɗakuna layi ɗaya, kowane da taga a baya da ƙofa a tsakar gida, ya fi sanyi a kan gidan da aka cusa ɗakuna dama da hagu da lungu a tsakiya. Inda ba makawa sai an yi lungun, a bar kafa a saman kowace ƙofa don iska ta ratsa ko da ƙofar na kulle.

Daga Mayu zuwa Satumba iska mai laima tana zuwa daga kudu maso yamma. Tana dukan bangon kudu a karkace, kuma hakan ba aibu ba ne, domin iskar da ta shigo a karkace ta fi zagaya ɗaki a kan wadda ta miƙe daga taga zuwa taga. Saboda wannan dalili, gara kada tagogin biyu su yi saiti da juna daidai: ta kudu ta matsa kusa da wata kusurwa, ta arewa ta matsa ɗaya kusurwar, gado kuma ya kasance a kan hanyar da ke tsakaninsu. Mafita ta kai girman mashiga ko ta ɗan fi ta. Gindin taga kuma kada ya yi sama da yawa. Mai kwance a gado bai fi santimita 60 daga ƙasa ba, mai katifa a ƙasa kuwa bai kai haka ba, don haka tagar da ta fara daga mita 1.2 iskarta ta saman kansu take wucewa. A gefen tsakar gida, inda babu idon waje, ana iya sauko da ita zuwa santimita 60, sai dai a tuna cewa hakan ya ƙara tazarar da bakin rufi zai rufe.

Girman taga a takarda ba shi ne girmanta ga iska ba. Tagar alminiyan mai zugewa rabi kawai take buɗewa, alhali mai marfi da mai gilashin luba kusan duka suke bayarwa. Ragar sauro tana rage iska sosai, musamman idan ƙurar hunturu ta toshe ta, don haka a wanke ta kafin bazara. Katanga ma tana da nata laifi. Idan katanga mai tsayin mita biyu da rabi tana mita ɗaya kacal daga taga, iska ta sama take tsallakewa, kuma katangar kanta tana shan rana ta mayar wa tagar da zafi.

Lokacin buɗewa yana da muhimmanci kamar wurin da aka sa tagar. A Afrilu zafin rana a Kano kan kai digiri 40, da asuba kuma ya sauka kusa da 25. Iskar da ta wuce digiri 35 ta fi fatar mutum zafi, shigarta ɗaki ƙarin zafi ne ga bango da kaya. Don haka a bazara ana rufe tagogi da labule tun daga hantsi, a buɗe su duka bayan magariba idan waje ya fara sanyi, a bar su har safe. Tsohon soro mai kaurin bango da ƙananan tagogi haka yake aiki: ya sha sanyin dare, ya riƙe shi har azahar. A damina akasin haka ne, zafin bai kai can ba amma gumi ba ya bushewa, sai a bar tagogi buɗe dare da rana. A garuruwa masu laima duk shekara kamar Kumasi ko Legas, tsarin damina shi ne na kullum, kuma manyan tagogi sun fi kaurin bango amfani.

Tsayin silin

An fi zuzuta tsayin silin fiye da abin da yake iya yi shi kaɗai. Gaskiya ne iska mai zafi sama take tashi, amma idan babu inda za ta fita, taruwa take yi har ta cika ɗakin ta sauko. A yawancin gidaje, duk abin da ke tsakanin linta da silin aljihu ne rufaffe, kusan mita guda na iska mai zafi da ba ta motsi. Amfanin tsayi yana fitowa ne idan an huda masa mafita a can sama.

A koma ga ɗakin da aka yi misali da shi, a ba shi silin mai tsayin mita 3.2, wato bulo layi 13 ko kusa da haka. Iskar da ke cikinsa kusan kubik mita 46 ce. A bangon arewa, dab da silin, a bar kafa mai faɗin mita 1.2 da tsayin santimita 30. Bayan an sa raga da ƙarafan tsaro, abin da ya rage wa iska kamar rabi ne da ɗan ɗori. Tsakiyar wannan kafa ta ɗara tsakiyar tagar ƙasa da kusan mita ɗaya da rabi. A daren da ciki ya fi waje zafi da digiri 4, ko da ganye ba ya motsi, wannan bambanci kaɗai zai iya sauya iskar ɗakin kusan sau shida a awa. Dararen Afrilu da yawa haka suke, babu iska ko kaɗan, kuma a irinsu wannan kafa ce kawai ke aiki.

Idan aka sauko da silin zuwa mita 2.7, tazarar ta koma mita ɗaya, iskar kuma ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ragi ne, amma ba mai yawa ba, domin jan iska ba ya ninkuwa daidai da tsayi: sai an ninka tsayin sau huɗu kafin iskar ta ninka sau biyu. Faɗin kafar kuwa kai tsaye yake aiki, idan aka ninka shi iskar ta kusan ninkuwa, muddin tagar ƙasa ta fi shi girma sosai. Saboda haka mita 3 zuwa 3.3 ya wadatar a gidan zama. Wannan tsayi yana ba fankar sama wuri, fukafukanta su kasance wajen mita 2.4 daga ƙasa da aƙalla ƙafa ɗaya tsakaninsu da silin. Abin da ya wuce haka ƙarin bulo ne da ƙarin bangon da rana za ta duka, kuma duk layin da aka ƙara yana ɗaga bakin rufi ya nisanta shi da taga. Ƙarin rabin mita a tsayi yana buƙatar ƙarin kusan santimita 20 a bakin rufin kudu.

Abin da ke saman silin ya fi tsayinsa tasiri. Kwano mai duhun launi kan wuce digiri 60 a ranar bazara, kuma idan sararin da ke tsakaninsa da silin a rufe yake ruf, silin ɗin kansa yana zafi ya riƙa gasa na ƙasa, ko da mita huɗu ne. Gyaran ba shi da tsada: a zaɓi kwano fari ko mai haske, a bar kafofi masu raga a ƙarƙashin bakin rufi da kuma can sama kusa da tsororuwa don iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta sama, a shimfiɗa takardar alminiyan mai ƙyalli a ƙarƙashin kwanon da 'yar tazara a gefenta mai ƙyallin. Ragar dole ce, in ba haka ba jemagu da tantabaru za su tare. Makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso, wadda Francis Kéré ya tsara aka kammala a 2001, ta kai wannan dabara matuƙa: an ɗaga kwanon sama a kan ƙarafa ya rabu da silin na tubalin ƙasa, iska tana ratsa tsakaninsu, bakinsa kuma ya zarce bango sosai ta kowane gefe.

Gano inda matsala take a gidan da aka riga aka gina

Hannu da tsinken turare sun isa a fara bincike. Da ƙarfe uku na rana a hau kujera a dafa silin. Idan ya fi bangon ciki zafi a fili, matsalar daga rufi take, kuma huda kafofin iska a ƙarƙashin kwano ne aikin farko. Bayan isha'i a dafa bangaye huɗu ɗaya bayan ɗaya, wanda ya fi ɗumi shi ne ke buƙatar inuwa, kuma kusan kullum na yamma ne. Daga nan a kunna tsinken turare a gindin taga, fanka a kashe. Idan hayaƙin ya miƙe sama ya taru a silin, ɗakin ba shi da mafita. Idan ya bi ta saman gado ya fita, tsarin tagogin ya yi daidai.

Wannan tsari yana da iyaka. Ba zai saukar da ɗaki ƙasa da sanyin iskar asuba ba, kuma a makonnin ƙarshe kafin ruwan fari, lokacin da laima ta shigo dare ya daina yin sanyi, fanka ba ta da madadi. Ga mai kuɗi kaɗan, jerin kashe su shi ne: a fara da juya ginin ya kalli kudu da arewa tunda wannan kyauta ne, sai bakin rufi ƙafa uku da kafofin iska a ƙarƙashin kwano, sai kafar saman bango, ƙarin tsayin silin kuma ya zo a ƙarshe.